Yadda ake haska koren labule ba tare da kore ya yi naso a jikin mutum ba

Akwai wani aiki da na yi a wani azumi wanda har yanzu nake tuna shi. Wani malami ne ya zo a ɗauki gajerun nasihohinsa a gaban koren labule, daga baya a sa masa hoton ɗakin karatu a baya. Ya zo cikin farar shadda mai sheƙi, sabuwa dal daga wajen bugu. A ƙaramin allon kamara komai ya yi kyau. Sai da na zauna tacewa da daddare na ga kafaɗunsa biyu da gefen kumatunsa sun yi wani kore-kore kamar ganyen da ya fara bushewa. Na matsa wa manhaja ta cire koren, sai farar rigar ta koma ruwan toka mai ja-ja, gefen hularsa kuma ya cinye. Kwana biyu na yi ina fama, a ƙarshe na ba shi haƙuri muka sake ɗauka. Da na koma ɗakin na duba, ba kamara ce ta yi laifi ba. Na tsayar da shi taku ɗaya daga labulen, na ƙure fitilun labulen, ƙasan ɗakin kuma farin tayil ne.

Wannan launin da ke tasowa daga labule ya sauka a kan fata da tufafi shi nake kira naso, don kamar yadda mai ke naso a takarda haka yake yi. Maganinsa a cikin ɗaki ake yin sa kafin a danna ɗauka. Abin da manhaja za ta yi daga baya ɗan share-share ne kawai.

Dalilin abin ba wuya. Manhajar tacewa tana neman launi ɗaya ne ta mai da shi fili. An zaɓi kore saboda ya yi nesa da launin fatar ɗan'adam, kuma yawancin kamarori na zamani suna da ƙwayoyin karɓar kore ninki biyu na ja ko na shuɗi, saboda haka koren yana fitowa da tsabta. To amma idan labulen ya yi haske a tsakiya ya yi duhu a kusurwa, a wajen manhaja ba kore ɗaya ba ne, kore biyar ne ko shida. Dole ka faɗaɗa mata abin da za ta cire, kuma duk faɗaɗawar da ka yi sai ta ci wani abu a jikin mutum: silin gashi, bakin mayafi, gefen kunne. A ɗaya ɓangaren, labulen da aka haska ya zama fitila da kansa, babbar koriyar fitila mai faɗin bango a bayan mutum. Ke nan aiki biyu ne a gabanka: labule ya zama launi ɗaya daga gefe zuwa gefe, kuma hasken da yake mayarwa kada ya isa jikin mutum.

Zan bi da kai ta ɗaki ɗaya, irin wanda yawancinmu ke samu: tsawo mita 6, faɗi mita 4, silin kusan mita 3. Mutum ɗaya ne zai yi magana, ana ɗaukarsa daga ƙugu zuwa sama.

Awon ɗaki kafin kunna fitila

Ɗauko tef ɗin awo tukuna. Daga labule ka auna mita 2 da rabi, ka manna tef a ƙasa. Nan mutum zai tsaya. Daga nan ka ƙara mita 2 da rabi, nan kamara za ta zauna. Ragowar mita ɗaya naka ne na tsayawa. Idan ɗakin bai kai haka ba, ka rage daga ɓangaren kamara kafin ka rage daga ɓangaren labule, kuma kada tazarar mutum da labule ta gaza mita 2. Wannan tazarar ita ce rabin aikin. Tana rage nason, tana sa inuwar mutum ta faɗi ƙasa ba ta hau labule ba, tana ba ka wurin da za ka cusa fitilun labule a bayansa, tana kuma sa labulen ya ɗan dushe a hoto har ƙananan yamutsi su ɓace.

Sai dai tazara tana da kuɗinta: tana cin faɗin labule. Ga lissafin. Kamara tana mita 2 da rabi daga mutum, mita 5 daga labule, wato ninki biyu. Saboda haka duk faɗin da mutum zai ci da motsin hannunsa, labule yana bukatar ninki biyunsa. Idan hannayensa za su yi yawo a cikin faɗin mita 1.2, kana bukatar kore mai faɗin mita 2.4 a bayansa. Labule mai faɗin mita 3 ya wadatar har da rara. Ba dole ne kore ya cika hoton gaba ɗaya ba. Idan bango ko ƙafar fitila ta leƙo a gefe, wajen tacewa za ka zana layi ka yanke ta cikin minti ɗaya, muddin hannun mutum bai ratsa ta wurin ba.

Ga wani abu da na daɗe ban gane ba: duk koren da ba ya bayan mutum a cikin hoto, naso kawai yake kawowa. Mutane na son su shimfiɗa labulen har ƙasa, ya malalo zuwa ƙarƙashin ƙafa, alhali rabin jiki ake ɗauka. Wannan shimfiɗar ita ke sa ƙarƙashin haɓa da ƙasan hannun riga su yi kore. Naɗe ta, ko ka rufe ta da baƙin yadi. Haka gefunan labulen da suka wuce bukata.

Game da labulen kansa, ka nemi yadi marar sheƙi ko kaɗan. Yadin roba mai ƙyalli da ake samu da arha yana mayar da fitila fari-fari a wasu wurare, babu yadda za ka daidaita shi. A goge shi, a rataya shi a bututu, a ja shi ta gefe da ta ƙasa a matse har ya miƙe kamar fatar ganga. Idan layin ninki ya ƙi fita, fesa masa ruwa kaɗan yana a miƙe, ka bar shi ya bushe. Wanda ke da ɗaki na dindindin gara ya shafe bango ya yi masa fentin ruwa marar sheƙi, shafi biyu ko uku. Fentin mai ba ya yi. Lokacin hunturu ƙura tana dusar da launin yadi ba tare da ka lura ba, musamman ta ƙasa, sai a riƙa kaɗe shi. Fankar sama kuma a kashe ta lokacin ɗauka, don labulen da ke motsi inuwarsa ma motsi take yi.

Daga nan ka juya ka dubi sauran ɗakin da idon tuhuma. Farin bango na dama da hagu, farin silin, farin tayil: kowannensu yana karɓar kore daga labule ya mayar wa mutum ta gefe, ta sama, ta ƙasa. A aikin malamin nan tayil ne ya fi cutar da ni. Yanzu ina da baƙin yadi yadi goma sha biyu da ba ya rabuwa da jakata. Ina shimfiɗa wani a ƙasa daga gindin labule har inda mutum ke tsaye, ina rataya wani a bangon dama da na hagu daidai tsakanin labule da mutum. Rufe tagogi ma wajibi ne, don hasken rana yana sauyawa kana tsakiyar ɗauka.

Fitilun labule

Fitila biyu, iri ɗaya, ƙarfi ɗaya, launi ɗaya. Kada ka haɗa mai farin haske da mai ruwan ɗorawa, domin koren dama zai bambanta da na hagu ko da ƙarfinsu ya zo ɗaya. Kuma su zama masu laushin haske: dogayen fitilu irin na sanda a tsaye, ko faffaɗan fitilar da aka sa wa farin yadi a gaba. Fitilar da ke harba haske wuri ɗaya kamar tocila tana yin da'ira mai zafi a tsakiya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne matso da fitila jikin labule. Haske yana raguwa da sauri a kusa da fitila, a hankali a nesa da ita. Idan fitila tana mita 1 daga wani wuri a labule, mita 2 daga wani, wuri na farko zai fi na biyu haske sau huɗu. Ja ta baya ta zama mita 2 da mita 3, bambancin ya sauko zuwa sau biyu da kwata. Saboda haka a ɗakinmu ka ajiye kowace fitila jikin bangon gefe, kusan mita 1.8 daga labule, tsayinta daidai tsakiyar wurin da kamara ke gani. Suna bayan layin da mutum yake tsaye ke nan, wannan kuma da gangan ne.

Sai saiti. Kada kowace fitila ta kalli gefen da ke kusa da ita. Ta hagu ta kalli sulusin labule na dama, ta dama ta kalli sulusin hagu, haskensu ya gitta. Tsakiyar hasken fitila ya fi ƙarfi, sai ka tura shi wurin da ya fi nisa. Gefen hasken mai rauni ya faɗa wurin da ya fi kusa. A haka suke cike wa juna. Bayan nan ka tsaya a kan tef ɗin mutum ka waiga. Idan kana ganin fuskar fitilar kanta, to haskenta zai taɓa kafaɗar mutum. Sa baƙin kwali a gefenta ya tare.

Ido ba ya iya auna daidaiton labule. Yana gyara wa kansa, ya nuna maka komai lafiya. Akwai hanya uku, ka yi da wadda kake da ita.

Idan kamararka ko allonka yana da Waveform, wato zanen da ke nuna ƙarfin hasken kowane ɓangare na hoto, cire mutum daga gaba ka duba. Labule mai kyau yana fitowa kamar siririn layi a miƙe daga hagu zuwa dama. Idan layin ya yi tudu a tsakiya, tsakiya ta fi haske: ƙara gitta fitilun ko ja su baya. Idan ya karkata, fitila ɗaya ta fi ƙarfi ko ta fi kusa. Idan ya yi kauri, sama da ƙasan labulen ne suka bambanta, sai ka gyara tsayin fitilun. False Color, wanda ke ba kowane matakin haske launinsa a allo, ma haka yake aiki: kana son launi ɗaya ya rufe wurin.

Idan Zebra kawai kake da shi, wato layukan da kamara ke zanawa a inda haske ya kai wani mataki, ga dabara. Kunna shi, rufe ƙofar lensi har layukan su ɓace, sannan ka riƙa buɗewa danni ɗaya-ɗaya. Inda layukan suka fara bayyana nan ne ya fi haske. Ƙirga danni nawa ka yi kafin su rufe ko'ina. A yawancin kamarori danni uku ne sitof ɗaya, wato ninkin haske. Idan layukan suka rufe labulen cikin danni ɗaya, ka yi aiki mai kyau. Danni biyu za a iya zama da shi. Uku ko fiye, koma kan fitilu. Kada ka manta ka mayar da ƙofar lensin inda take.

Idan babu ko ɗaya, manhajar auna haske ta waya ta isa. Lambarta ba lallai ta zama daidai ba, amma kwatanci kake nema. Riƙe wayar jikin labule tana kallon kamara, ka auna wuri tara: uku a sama, uku a tsakiya, uku a ƙasa, kana kauce wa inuwar jikinka. Idan tsakiya ta ba ka 500, kana son sauran su kasance tsakanin 400 da 600. Wanda ya faɗi ƙasa da 350 ya wuce rabin sitof. Kusurwar da hannun mutum ba zai taɓa kaiwa ba, kada ka ɓata awa a kanta. Inda ya fi muhimmanci shi ne kewayen kai da kafaɗu.

Hasken mutum, da yawan hasken da labule ke bukata

Yanzu kashe fitilun labule gaba ɗaya, ka haska mutum kamar babu labule a ɗakin. Tambayar farko ita ce wane hoto za a sa a baya. Idan a hoton taga tana hagu, babbar fitilarka ta zo daga hagu. Idan hoton na yamma ne mai ja-ja, haskenka ya bi. Mutum zai iya fita tsaf babu naso, amma ya zauna a hoton kamar an manna shi da gam saboda haskensa da na bayan sun saɓa.

Babbar fitila ta tsaya a gefen kamara, wajen kusurwa 45, ta ɗan fi kan mutum tsayi tana kallon ƙasa. A haka inuwarsa za ta faɗi ƙasa can gefe, a kan baƙin yadin. Ɗaya gefen fuskar ka cike shi da farin kwali ko fitila mai rauni. Hattara da farin kwalin nan: idan ya ɗan juya yana kallon labule, kore zai ɗebo ya zuba a kumatu. Fuskar kwalin ta kalli babbar fitila, bayansa ko gefensa ga labule. Dubi labulen yanzu da fitilunsa ke kashe. Ya kamata ya yi duhu sosai, babu inuwar kai, babu wani gefe da babbar fitila ta wanke.

A nan ne za ka tsayar da saitin kamara, bisa fuskar mutum. Sannan ka kunna fitilun labule ka daidaita ƙarfinsu su bi kamara. Wannan jerin yana da muhimmanci a wurinmu, mu masu duhun fata. Abin da ke faruwa shi ne mai ɗauka ya haska labule tukuna, ya kawo mutum ya ga fuska ta yi duhu, sai ya buɗe lensi ko ya ƙara ISO. Fuska ta fito, amma labule ya ƙone ya koma kore mai fari-fari. Koren da ya yi haske da yawa launinsa raguwa yake yi, manhaja ta rasa abin kamawa, kuma a lokacin ne nasonsa ya fi yawa. Idan fuska ta yi duhu, fitilar fuska za ka ƙara wa ƙarfi.

A Waveform, da kamara a saitin launi na yau da kullum, ina ajiye labule tsakanin 45 da 55. Idan da Log kake ɗauka, wato saitin da ke fito da hoto a dushe sai an gyara launinsa wajen tacewa, kunna abin da ke nuna hoton da launinsa na ƙarshe ka auna a kansa. A ido labulen zai yi kamar bai ƙoshi da haske ba, kore mai nauyi, ba mai walƙiya ba. Haka ake so. Amma kada ka yi ƙasa da yawa, don labule mai duhu yana cika da yashi-yashi, gefen mutum ya riƙa rawa bayan an cire kore.

Gwajin inuwa

Wannan gwajin minti ɗaya ne, kuma shi ne abin da ya fi komai amfani a duk abin da na koya. Mutum ya tsaya a wurinsa. Kashe duk fitilunsa, bar na labule kawai. Dubi allo, ka zuƙo hoton. Abin da kake so ka gani baƙar inuwa ce tsaf a gaban kore. Duk inda ka ga jikinsa yana da haske, to naso ne, kuma wurin da ya sauka zai gaya maka daga ina ya zo.

Idan a saman kafaɗu da saman hula ne, silin ne ko saman labule da ya wuce bukata: ninke saman, ko ka ɗaura baƙin yadi a sama tsakanin labule da mutum. Idan ƙarƙashin haɓa ne da cikin hannun riga, ƙasa ce. Idan kumatu ɗaya ne, bangon wannan gefen ne, ko farin kwalinka. Idan hasken fari ne ba kore ba, fitilar labule ce ke leƙowa, gyara kwalin tarewa. Idan kuma siririn kore ne ya zagaye jikin duka, labulen ya yi ƙarfi ko mutum ya yi kusa: rage fitilun danni ɗaya, ko matso da mutum gaba rabin mita. Yadda nake gano mai laifi da sauri shi ne in sa yaro ya riƙe baƙin yadi ya zagaya da shi a hankali, ni ina kallon allo. Inda ya tsaya koren ya ɓace, nan za a rataya yadin.

Bayan ka rage nason iya iyawarka, sannan fitilar ƙeya ta shigo. Ƙaramar fitila ce a sama ta bayan mutum, tana zuba haske kaɗan a gashi da kafaɗu. Farin haskenta yana rinjayar ɗan koren da ya rage. Wasu suna sa mata ledar launi mai ɗan ruwan hoda, wadda ake rubuta wa 1/8 Minus Green ko 1/4 Minus Green, saboda wannan launin shi ne kishiyar kore. Fitilun da ke da maɓallin G/M suna yin haka ba sai da leda ba. Ni ra'ayina a yi ta da sauƙi ƙwarai. Na sha ganin an ƙure ta, mutum ya fito da farin zobe ko ruwan hoda a gefen jiki, a sa shi a hoton ɗaki mai duhu inda babu abin da zai ba da wannan hasken. Idan mai kallo zai iya nuna ta da yatsa, ta yi yawa.

Fata da tufafi

Fata mai duhu tana nuna abin da ke kewaye da ita kamar madubi mai laushi, balle an shafa mai ko zufa ta keto. Shi ya sa nason ya fi fitowa a gefen goshi, ƙashin kumatu, wuya da kan da aka aske tas. Ka ce wa mutum kada ya shafa mai a fuska ranar, ka ajiye hankici da hoda marar ƙyalli, a riƙa dannawa tsakanin ɗauka. Tunda an kashe fanka, ka riƙa ba da hutu ana kunna ta.

Tufafi kuwa a yi maganarsu tun kafin ranar. Kowa ya san ba a sa kore, amma ana mantawa da koren zare a aikin hula ko a wuyan riga, da koren ganye a zanen atamfa. Waɗannan ramuka za su zama. Ruwan ɗorawa mai hasken lemun tsami da shuɗi mai ruwan kore su ma suna shiga hatsari. Shadda mai sheƙi, musamman fara, tana kwasar kore a duk inda ta lanƙwasa ta kalli baya, babbar riga kuma faɗinta yana ƙara wurin kwasa. Yadi marar sheƙi mai ruwan ƙasa, ruwan toka ko shuɗi mai duhu ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Mayafi shara-shara yana barin kore ya ratso ta cikinsa. Ana iya cire shi idan labulen ya daidaita sosai, amma idan da hali a sa mai kauri ko a ninka shi biyu. Leshi mai duwatsu, sarƙa, agogo da gilashin ido duk ka duba su a gwajin inuwa, mutum yana juya kai dama da hagu. Gilashi yakan ɗauko kore ne ta gefe idan an juya.

Idan mutum ya ce shi fa da farar shaddarsa zai fito, kamar malamin nan, ba a ja da shi. A ɗauka ta biyu na kai shi mita 3 daga labule, na ninke labulen ya rage faɗin da hannunsa ke bukata kawai, na rufe tayil, na rage fitilun labule kusan rabi. Da na yi gwajin inuwa, ɗan kore ya rage a kafaɗar hagu, ashe daga farar ƙofar ɗakin yake. Na yafa mata baƙin yadi ya ɓace.

Saitin kamara

Komai da hannu, kada ka bar wa kamara zaɓi. White Balance ka tsayar da shi daidai da fitilunka, 5600K ga farare, 3200K ga masu ruwan ɗorawa. Idan ka bar shi a Auto, kamara za ta ga kore ya cika hoto ta yi ƙoƙarin gyarawa, fata ta koma ja-ja, launin labulen kuma ya riƙa sauyawa. ISO ya tsaya a ƙasa gwargwadon yadda haske ya bari. Ƙofar lensi f/4 ko f/5.6, don mutum ya fito tsaf daga hanci har kunne. Idan ka buɗe ta sosai gefen jiki yana dushewa ya cakuɗe da kore. Rage Sharpness, domin yana zana siririn layi a gefen jiki wanda ke fitowa fili bayan an cire kore.

Wutar Najeriya da ta Nijar tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, saboda haka ka ɗauka a hoto 25 a daƙiƙa, Shutter a 1/50. Mai yawan wasa da hannu ka kai shi 1/100: hannu mai sauri yana barin hazo wanda rabinsa fata ne rabinsa kore, wannan saurin yana rage shi, sai dai zai ci rabin haskenka. Da janareta, bugun wutar yakan kauce, fitilu masu arha su fara ƙyaftawa ko su jawo layuka masu tafiya a labule. Ɗauki daƙiƙa goma ka kalla kafin a fara. Idan ka ga ƙyaftawar ko layukan, fitilu masu batir ne mafita.

Idan kamararka tana da zaɓin 4:2:2 10-bit, yi amfani da shi. Tsarin 4:2:0 da yawancin wayoyi da ƙananan kamarori ke yi yana adana bayanin launi kwata ne kawai na bayanin haske, shi ya sa gefen jiki ke fitowa kamar haƙoran zarto. Wanda ba shi da wannan zaɓin ya ɗauka a 4K ya tace a 1080, zai ga bambanci. Mai waya kuma ya kulle haske da saiti, ya kashe duk abin da ke gyara fuska ko dusar da baya.

Kafin mutum ya shiga, ko bayan ya fita, ɗauki labulen shi kaɗai na daƙiƙa goma ba tare da ka taɓa kamara ko fitila ba. Wasu kayan cire kore, irin su Delta Keyer na DaVinci Resolve, suna karɓar wannan hoton su yi amfani da shi wajen gyara ɗan bambancin da ya rage a labule.

Gwaji a kwamfuta kafin a sallami kowa

Ɗauki daƙiƙa talatin mutum yana magana, yana ɗaga hannu, yana juya kai. Zare kati ka sa a kwamfuta a nan take, fitilu na kunne. Ɗebi launin koren daga kusa da kai ko kafaɗa, ba daga kusurwa ba. Sannan ka duba hoton baƙi da fari da manhajar ke nunawa: sunansa Screen Matte a kayan cire kore na Keylight, Alpha Channel a na Ultra Key. Mutum ya zama fari tas, baya ya zama baƙi ƙirin. Toka-toka a baya yana nufin labulen bai daidaita a wurin ba. Toka-toka a cikin jiki yana nufin naso ko wani launi a tufafi. Kowanne ka gani, tashi ka gyara a ɗaki tunda kowa yana nan.

Gwada shi a kan baya iri biyu, fari da kuma ja mai duhu. Farin yana tona baƙin layi a gefen jiki, jan yana tona koren da ya rage. A ƙarshe ka ɗora ainihin hoton da za a yi amfani da shi. Maɓallin rage naso, wanda manhajar OBS ke kira Key Color Spill Reduction, ka ɗaga shi a hankali idonka a kan fata da farin tufafi, ba a kan gefen jiki ba. Da zarar kumatu sun fara komawa ruwan toka ko ja-ja, koma baya kaɗan ka tsaya. Idan a wannan matsayin har yanzu akwai kore a kafaɗa, koma ka sake gwajin inuwa, ka matso da mutum gaba taku ɗaya.